Allurar Dare Ɗaya: Nazarin Abin da Ya Faru Tsakanin Malamar Asibiti da Ɗan Maƙwabciyarta

Wurin da mutanen

Ƙauyen yana cikin ƙasar fadama ta gabashin Jigawa, inda daga tsakiyar watan Agusta ruwa kan cika kwari ya raba mutane da hanyar mota na kwanaki. Daga ƙauyen zuwa babban asibitin da ake ƙarin jini kilomita 27 ne. Da rani ɗan acaɓa kan kai mutum cikin minti 45, amma da damina sai an bi ta mashaya an hau kwale-kwale, sannan a nemi babur a ɗaya gaɓar.

Asibitin ƙauyen ɗaki uku ne, ana buɗe shi ƙarfe 8 na safe a rufe ƙarfe 4 na yamma, ba a kwantar da majinyaci, kuma ba wuta. Ma'aikatansa biyu ne. Akwai incaj, babban jami'in lafiyar al'umma, wanda gidansa ke cikin gari a hayin ruwa, sai mataimakiyarsa, ƙaramar jami'a mai shekara 4 a bakin aiki, wadda aka aurar da ita a ƙauyen, kowa kuma Malama yake kiran ta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da gidan yaron da wannan nazari ya shafa, kuma ita ce ta karɓi haihuwarsa shekara 2 da wata 7 kafin wannan dare.

Dokokin da take aiki a ƙarƙashinsu iri biyu ne. Na farko yana cikin kundin ƙa'idojin aiki da hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ta Najeriya ta shimfiɗa, wanda ya ce yaron da ya zo da alamar haɗari, wato jijjiga, ko kasa sha, ko amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko fita hayyaci, a ba shi taimakon farko a tura shi gaba ba tare da jinkiri ba. Na biyu dokokin gida ne da incaj ya rubuta ya manna a ƙofar sito: ba a fitar da magani daga harabar asibiti, ba a yi wa kowa allura a gida, kuma kwalaben allurar atesunet, maganin maleriya mai tsanani, waɗanda ake ƙirgawa duk ƙarshen wata, ba mai taɓa su sai da sa hannunsa. Dokokin nan ba a banza aka kafa su ba. An sha ganin maganin kyauta ya ɓace daga sito ya bayyana a kantar kemis, an kuma ga yaran da allurar ɗuwawu ta cikin gida ta bar su da ƙurji ko da jan ƙafa.

Kwana uku kafin daren

A zagayen rigakafin zazzaɓin damina na watan Agusta, wanda ake bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59, yaron ya sha kashin ranar farko a gaban masu rabo. Ƙwayoyi biyu da aka bar wa uwar don rana ta biyu da ta uku ba su shiga cikinsa ba, domin ya tofar da ta farkon su saboda ɗaci, uwar kuma ta adana ɗayar a cikin kwalla da niyyar sai ya manta.

Ranar Lahadi da yamma jikinsa ya yi zafi. Uwar ta ba shi farasitamol na ruwa, zafin ya sauka, ya tashi ya yi wasa. Ranar Litinin zafin ya dawo da amai, sai aka aika kemis aka sayo ƙwayar maleriya guda biyu a ƙulle cikin leda, ba kwali ba suna, ya sha ɗaya ya amayar nan take. Ranar Talata ya ƙi abinci, ya wuni kwance. Kakarsa ta wajen uba, wadda ita ce mai faɗa a gidan idan ɗanta ba ya nan, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, aka yi masa hayaƙi aka ɗauko rubutu. Uban ya tafi kasuwar mako tun Litinin, ruwa ya tsare shi a can. Duk kwanakin nan uku ba wanda ya leƙa katanga ya gaya wa Malama, kuma daga baya uwar ta ce kunya ce ta hana ta, don ta san za a tambaye ta ƙwayar da ke cikin kwalla.

Daren Talata wayewar Laraba, ƙarfe 1:10

Ana tsuga ruwa aka buga mata ƙofa. Ta tarar da yaron a cinyar kakar yana jijjiga, idanu sun kafe sama, wata mata na ƙoƙarin cusa masa cokali a baki. Ta karɓe cokalin, ta kwantar da shi a gefensa na hagu, ta cire masa rigar sanyi da zanen da aka lulluɓe shi da su. Jijjigar ta tsaya da kanta kafin minti 4, amma bai farfaɗo ba. Da ta danna masa farce sai ya janye hannu kawai, bai buɗe ido ba.

Da tocilar waya ta duba shi. Zafin jiki 39.6. Numfashi 54 a minti ɗaya, alhali a shekarunsa daga 40 ake cewa ya yi sauri. Ta buɗe tafin hannunsa ta ajiye kusa da na uwarsa, sai ga nasa fari fat, har zanen tafin ya dusashe, cikin fatar idonsa ma haka. Wuyansa bai sanƙare ba. Ta jiƙa ƙaramin cokali na sukari da ɗigon ruwa ta sa masa ƙarƙashin harshe, saboda yaron da ya kwana biyu bai ci ba kuma maleriya ta kama shi sukarin jininsa kan faɗi, ita kuwa ba ta da abin aunawa.

Ta ce a ɗauko shi a tafi asibitin, tafiyar minti 5 ce. Kakar ta ce: "'Yar nan, ba za a fita da shi cikin daren nan da ruwan nan ba. Abin da ya taɓa shi a waje yake." Malama ta ce: "Inna, maleriya ce ta hau masa kai, kuma jininsa ya yi ƙasa. Idan aka bar shi haka ina tsoron ba zai kai asuba ba." Tsohuwar ba ta motsa ba. Uwar, wadda ba ta da ikon ɗaukar ɗanta ta fita gaban surukarta, ta riƙe gefen hijabin Malama ta ce: "Yaya, ke kika karɓe shi da hannunki."

Mabuɗin sito yana hannunta a daren, don incaj ya bar mata shi saboda rigakafin yara na safiyar Laraba. Maganin da aka yarda ƙaramar jami'a ta ba irin wannan yaro, wato atesunet na cusawa ta dubura, ya ƙare tun watan Yuni ba a sake kawowa ba. Abin da ya rage shi ne kwalabe 6 na allura. Ta taɓa haɗa allurar sau da dama a wajen bita da kuma gaban incaj, amma ba ta taɓa yi ita kaɗai ba. Ta kira wayarsa sau 4 tana kashe. Ƙarfe 1:25 ta tura masa saƙo cewa akwai yaro mai jijjiga, hanya ta yanke, za ta ɗauki kwalba ɗaya ta yi masa a gida, kuma za ta rubuta.

Abin da ta yi, ƙarfe 1:30 zuwa 2:00

Ta shiga ruwan ta buɗe asibitin. Ta ɗauki kwalba ɗaya mai miligiram 60 tare da ruwan haɗinta, da sirinji biyu, da abin gwajin maleriya na ɗigon jini, da katin yaron. Kafin ta kulle ta buɗe rajistar sito ta rubuta rana da lokaci da abin da ta ɗauka da sunan wanda za a yi wa, ta sa hannu, ta bar gurbin incaj babu komai.

Gwajin ya fito da layi biyu. Katin ya nuna nauyinsa kilo 12 a awon watan Yuli. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, ke nan miligiram 36. Ta zuba mililita 1 na ruwan kanwar da ke zuwa tare da kwalbar a kan garin, ta yi ta girgizawa. Da farko ya yi fari kamar tsarin nono, kuma ta san idan bai washe ba zubarwa ake yi, don haka ta ɗaga shi gaban tocila tana jira har ya koma garau. Sannan ta ƙara mililita 2 na ruwan gishiri, ya zama kowace mililita tana ɗauke da miligiram 20. Ta zuƙi mililita 1.8, ta yi masa a gaban cinya, ba a ɗuwawu ba, ƙarfe 1:50. Kakar ta ce a ajiye ragowar a ƙara masa da safe. Malama ta zubar a gabanta, ta ce haɗaɗɗen maganin ba ya wuce sa'a ɗaya.

Ba ta koma gida ba. Ta zauna tana shafa masa ruwa mai ɗumi, tana maimaita sukarin, tana rubuta numfashi da zafi a bayan katin duk rabin sa'a. A wannan zaman ta rubuta takardar turawa, ta sa alamomin da ta gani, da sunan maganin, da adadinsa, da lokacin da aka yi, ta ja layi biyu a ƙarƙashin maganar farin tafin hannu. Tun a daren ta gaya musu cewa wannan allura ta hanya ce, gari na wayewa za a tafi. Kowa ya ce to.

Safiyar Laraba, ƙarfe 6:00 zuwa 9:40

Wajen ƙarfe 6 yaron ya buɗe ido, ya kira uwarsa, ya sha koko cokali huɗu bai amayar ba. Zafi ya sauka zuwa 38.1. Gidan ya cika da hamdala, kuma a nan ne maganar tafiya ta fara rushewa.

An samu uban a waya. Ya yi godiya mai tsawo, sannan ya ce tunda Allah ya sa an dace da hannunta, ta ci gaba da yi masa a gida, ko nawa ne zai biya idan ya dawo. Ya lissafa mata kuɗin fito da na babur da na asibiti, ya ce gero bai nuna ba, abin da ke hannunsa bai kai ba. Ba ƙarya ya yi ba. Ya kuma san cewa akwai sauran kwalabe 5, ya san allura ta biyu bayan sa'a 12 ake yi, ta uku bayan sa'a 24, domin ita da kanta ta faɗa wa mutanen gidan a daren. Ya ce: "Malama, jiya kin karya doka saboda maƙwabtaka. Yau ce za ta gagare ki?"

Ta sake duba yaron kafin ta amsa. Numfashi 50, bai sauka yadda zafin ya sauka ba. Tafin hannu yana nan fari. Da aka zaunar da shi sai ya langaɓe yana haki. Ta ce wa uban: "Malam, allurar tana kashe ƙwayar cutar ne, ba ta mayar da jinin da cutar ta riga ta cinye. Jini yake buƙata, ni kuma ba ni da shi. Idan na ci gaba da yi masa a nan, zazzaɓin zai tafi yana kwance, zuciyarsa ta gaji a gabanmu." Ta ce ba za ta sake buɗe siton ba.

An ɗauki sa'a biyu ana ja-in-ja. Kakar ta ce an raina su ne don ba su da shi. Rarrashi bai yi aiki ba, tsoratarwa ma ba ta yi ba. Abin da ya warware maganar shi ne Malama ta aika aka kira mai unguwa, wanda yake cikin kwamitin asibitin, ta ajiye tafin yaron kusa da tafin jikarsa da ta biyo shi, ta bar shi ya gani da idonsa. Shi ya yi magana da uban, ya ari kuɗi daga asusun kwamiti a kan akuyar gidan, ya sa ƙanin uban ya raka su, da sharaɗin shi zai ba da jini idan ya dace. Sun tashi ƙarfe 9:40 a amalanke zuwa mashaya. Malama ba ta bi su ba, don mata sun riga sun taru da jarirai a ƙofar asibiti.

A babban asibiti, Laraba zuwa Lahadi

Sun isa ƙarfe 12:15. An auna jininsa aka samu giram 4.4, ƙasa da giram 5 da ake ɗauka a matsayin matsanancin ƙarancin jini ga yaro mai maleriya. Jinin baffansa ya dace, aka ƙara masa mililita 240, wato mililita 20 a kowane kilo, cikin kusan sa'a 4. Saboda takardar ta nuna ƙarfe 1:50 na dare, ma'aikatan ba su sake farawa daga farko ba, sun yi masa allura ta biyu ta jijiya wajen ƙarfe 2 na rana, ta uku kuma a daren. Da ya iya haɗiya aka koma ƙwayar atemita da lumefantirin, ɗaya safe ɗaya dare har kwana 3. Bai sake jijjiga ba. An sallame shi ranar Lahadi da maganin ƙarin jini na sha.

Malama ta riƙa leƙa shi kullum, tana duba tafin hannu da launin fitsari, domin a wasu majinyata jini kan sake fashewa mako ɗaya zuwa uku bayan allurar atesunet. A rana ta 14 aka mayar da shi awo, jininsa ya kai giram 8.1. Yana tafiya, yana magana, ji da ganinsa ba su taɓu ba. A zagayen rigakafin Satumba uwar ta kawo shi gidan Malama kwana uku a jere, aka daka ƙwayar da sukari ya sha a gabanta.

Abin da ya biyo baya a wajen aiki

Incaj ya ga saƙon da asubar Laraba, amma sai Alhamis ya samu ƙetarewa. Ya ƙirga kwalabe, ya karanta rajista, ya duba lissafin da ke bayan kati, bai samu kuskure ba. Duk da haka ya ba ta takardar tuhuma, ya ce ƙirgar ƙarshen wata a wuyansa take, kuma idan ya yi shiru yau ba zai iya hana wani gobe ba. Ta amsa a rubuce: "Yallaɓai, na ɗauka, na rubuta, na sanar da kai kafin in ɗauka. Da na same ka da umarninka zan bi."

Maganar ta kai ga mai kula da lafiya a matakin farko na ƙaramar hukuma. A zaman an kawo sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wanda ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, an kuma lura cewa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa allurar atesunet a tsoka a sahun farko na abin da ake bai wa yaro kafin a tura shi. An yi mata gargaɗi a rubuce kan fitar da magani daga haraba da yin allura a gida. Ba a kama ta da laifi kan ita kanta allurar ba. An kuma yarda a ware akwatin gaggawa mai kwalabe 2 da rajistarsa, wanda mai riƙe da mabuɗi zai iya buɗewa da dare a cikin asibiti, ya sanar a saƙo.

A ƙauyen kuwa labarin ya bazu cewa Malama tana yin allura a gida. Cikin makonni uku aka buga mata ƙofa da dare sau 7, kuma ɗaya ne kawai daga ciki yake da alamar haɗari. Sauran ta gwada su da safe ta ba su ƙwaya. Wani dattijo da ta ƙi yi wa ɗansa allurar zazzaɓi ya ce ashe sai mai katanga ɗaya da ita, ya daina amsa gaisuwarta.

Hukunci

Wanda ya ji labarin sama-sama zai ɗauka cewa jarabawar ita ce ta ƙarfe 1 na dare, kuma allurar ce ta ceci yaron. A ganina allurar lokaci ta saya masa, sa'o'i goma da suka kai shi inda jini yake. Da ta tsaya a kan takardar da ke ƙofar sito, mai yiwuwa ne ƙwarai da bai kai safe ba. Da kuma ta bi uban da safe, da an samu yaron da zazzaɓinsa ya sauka amma jininsa giram 4.4, kwance kilomita 27 daga mai iya ƙara masa. Irin wannan haɗari ne ya sa a farkon 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja hankali kan atesunet na dubura, bayan wani bincike a Najeriya da Yuganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ya nuna cewa kashin farko ba ya haifar da abin da ake nema idan ba a kai yaron asibiti an kammala magani ba. Ƙin da ta yi da safe ya fi wuya, don da dare kowa yana bayanta, da safe kuwa ita kaɗai ce.

Dokar da ta karya ta tsare kaya ce da tsare mutane daga allurar gida, kuma ta karya ta a bayyane: ta nemi izini ba ta samu ba, ta sanar, ta rubuta, ta ɗauki kwalba ɗaya, ta tsaya a kashi ɗaya. Ba na ganin incaj ya zalunce ta da takardar tuhumar, kuma bugun ƙofa sau 7 ya nuna abin da yake tsoro. Akwai kuma inda aka yi sa'a. Nauyin da ta yi lissafi da shi na wata guda baya ne, ba ta da abin tsayar da jijjiga da ta dawo ta daɗe, kuma da yaron ya rasu a daren bayan allurar da aka yi a ɗakin uwarsa, da wuya zaman ƙaramar hukuma ya ƙare da gargaɗi kawai. Kuskurenta da za a iya nunawa shi ne ba ta aika a taso mai unguwa tun cikin daren ba, wanda da ya iya sa kakar ta yarda a kai yaron asibitin, ya kuma rage sa'o'in da aka ɓata da safe.

Asalin matsalar ya girmi daren. Wata biyu asibitin ya yi ba shi da maganin da doka ta ba ƙaramar jami'a damar amfani da shi, a tsakiyar damina, kuma ba wanda ya zauna ya rubuta abin da za ta yi idan ruwa ya raba ta da incaj. Har ƙarshen Oktoba, lokacin da aka rufe wannan nazari, na duburar bai iso ba. An buɗe akwatin gaggawa sau 2, duka a cikin asibiti, duka yaran an ƙetare da su. An sayar da akuyar an biya kwamiti, kuma gargaɗin yana nan cikin fayil ɗinta.